Me Ya Sa Wata Shida? Kansar Hanta da Lissafin Hoton Ciki

A shekarar 2017 likitoci daga ƙasashen Afirka tara, ciki har da Najeriya da Ghana da Kamaru da Sudan, suka haɗa bayanan masu kansar hanta sama da 2,500 da suka zo asibitocinsu. Idan aka ware Masar, wadda labarinta ya sha bamban, abin da ya fito mai tayar da hankali ne. Matsakaicin shekarun marasa lafiyar 46 ne, wato magidanta da iyaye mata masu ƙarfi a jika, kuma rabinsu ba su wuce wata biyu da rabi a duniya ba bayan an gano cutar. Wannan ba ya nufin kansar hanta tana kisa cikin wata biyu da rabi. Ta daɗe a ciki, shekara biyu ko uku tana girma, sai a ƙarshen tafiyarta aka gan ta.

Dalilin wannan jinkiri yana cikin halittar hantar kanta. Naman hanta ba shi da jijiyoyin jin zafi, sai tantanin da ya lulluɓe ta. Ƙari zai iya girma a tsakiyarta mutum yana zuwa kasuwa yana zuwa gona, ba ya jin komai, har sai ƙarin ya yi girman da zai miƙe wannan tantani. Ga shi kuma hanta tana da rarar ƙarfi mai yawa, ɓangaren da ya rage lafiya yana ɗaukar aikin wanda ya lalace. Kafin a ga rama, da ciwo ƙarƙashin haƙarƙarin dama, da kumburin ciki, da idanu sun yi ɗorawa irin na shawara, galibi ƙarin ya cika hanta ko ya kutsa cikin babbar jijiyar da ke kawo mata jini. A wannan mataki abin da likita zai iya yi shi ne rage wahala.

Amma kansar hanta tana da wani hali da ya sa ake iya yi mata kwanton ɓauna. Ba kasafai take faɗa wa lafiyayyar hanta ba. Kusan kullum tana tsirowa ne a hantar da ta daɗe tana ciwo, kuma masu irin wannan hantar ana iya sanin su da gwajin jini tun suna jin kansu garau.

A yankinmu babban mai shirya wa kansa ƙasa shi ne ciwon hanta nau'in B. Binciken ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ƙwayar cutar. Lokacin kamuwa ne ke yanke hukunci. Babban mutum idan ya kamu, jikinsa kan kore ta, ƙasa da 5 cikin 100 ne take zaunawa a jikinsu. Jaririn da ya kamu wajen haihuwa kuwa, 9 cikin 10 za su rayu da ita har abada, kuma yaran da suka ɗauka a shekarun farko, ta hanyar cuɗanya da masu ita ko askar da ba a tsabtace ba wajen kaciya da cire beli, su ma da yawa haka take zame musu. Shi ya sa kansar ke zuwa wa mutanenmu da wuri: wanda ya kamu yana goye, kafin ya kai arba'in hantarsa ta yi shekara arba'in tana fama.

Famar kuwa ga yadda take. Sojojin jiki suna kai hari kan ƙwayoyin hantar da cutar ta shiga, suna kashe su, hanta tana haifar sababbi, kowane rauni yana barin tabo. Shekara da shekaru tabon yana taruwa har ya zama wasu zaruruwa masu tauri da ke kewaye ƙananan curi na sabon nama. Hantar da take da laushi da santsi sai ta ƙanƙance, ta yi tauri, ta yi gudaje-gudaje. Wannan shi ne abin da likitoci ke kira sirosis. Duk lokacin da ƙwayar halitta ta rabu biyu, sai ta kwafi umarnin da ke cikinta, kuma kwafin da ake yi ba ƙaƙƙautawa cikin kumburi ba ya rasa kuskure. Wata rana kurakuran sukan taru a curi guda har ya daina jin umarnin tsayawa. Cikin masu sirosis 100, kimanin 1 zuwa 4 ne hakan ke faruwa da su a kowace shekara, ko sirosis ɗin daga nau'in B ya fito, ko nau'in C, ko giya, ko kitsen hanta mai tafiya da ƙiba da ciwon suga.

Nau'in B yana da wata mugunta ta daban. Ƙwayarsa tana cusa guntun umarninta cikin na hanta kai tsaye, don haka tana iya haddasa kansa tun kafin sirosis ya samu. Wani likita Ba'amurke, Palmer Beasley, ya bi maza ma'aikatan gwamnati sama da 22,000 a Taiwan, kuma rahotannin da suka biyo bayan rahotonsa na 1981 sun nuna masu ɗauke da ƙwayar sun fi marasa ita haɗarin kansar hanta da kusan ninki ɗari. A wajenmu akwai ƙari a kan haka: gubar aflatoksin, wadda wani irin fumfuna ke zubawa a gyaɗa da masarar da aka adana da danshi. Gubar tana lalata wani sashe na umarnin ƙwayar halitta wanda aikinsa shi ne taka wa kansa birki. Idan ta haɗu da nau'in B a hanta ɗaya, haɗarin ninkuwa yake yi.

To, an san waɗanda ke cikin haɗari. Sai tambayar yadda za a yi gadin hantarsu, kuma sau nawa.

Amsar da ƙungiyoyin likitocin hanta na Amurka da Turai da Asiya suka yi ittifaƙi a kai ita ce hoton ciki, wanda mutane ke kira sikanin, duk bayan wata shida, yawanci tare da gwajin jinin da ake rubuta AFP a takardar asibiti. Na'urar ita ce dai wadda ake duba masu juna biyu da ita. Tana aika sauti mai kaifin da kunne ba ya ji, ta karɓi amsa-kuwwarsa, ta zana hoto. Ba allura, ba haske mai cutarwa, ana iya maimaitawa shekara talatin ba a yi wa jiki illa ba, kuma ta fi sauran hotunan sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba. An zaɓe ta ne saboda waɗannan dalilai. A wajen kaifin gani, akwai waɗanda suka fi ta.

Wata shidan daga lissafin girman ƙari ya fito. An auna cewa ƙaramin ƙarin hanta yana ninka jikinsa, a matsakaici, cikin wata huɗu zuwa shida. Sai dai ninkin jiki daban, ninkin faɗi daban. Abu mai siffar ƙwallo sai ya ninka jikinsa sau uku kafin faɗinsa ya ninka sau ɗaya. Idan muka ɗauki wata huɗu, ke nan faɗin ƙari yana ninkawa sau ɗaya a shekara: santimita 1 bana, 2 baɗi, 4 a shekara ta uku, 8 a ta huɗu. Yanzu a ɗora wannan a kan iyakoki biyu. Iyakar ƙasa ita ce abin da na'ura ke iya gani, wato daga kusan santimita 1. Iyakar sama ita ce inda magani mai warkarwa ke aiki sosai, wato ƙasa da santimita 2 zuwa 3. Tsakanin iyakokin nan akwai tazarar shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, kuma duk aikin sa ido shi ne a tabbata an leƙa hanta fiye da sau ɗaya a cikin wannan tazara.

Mu ɗauki misalin wani magidanci mai shekara 42, mai nau'in B da sirosis ɗin da bai fara nuna alama ba. A watan Janairu yana da ƙari mai faɗin milimita 8, an yi hoto ba a gani ba, kuma ba laifin kowa ba ne. A Yuli ƙarin ya kai santimita 1.1. Ana iya gani, ana iya kuskurewa. A ce an kuskure. Janairu mai zuwa ya kai 1.6, Yuli na gaba 2.3. Wannan mutum ya samu dama uku kafin ƙarin ya kai santimita 3. Da a ce sau ɗaya a shekara yake zuwa, damarsa ɗaya ce tak, ranar da ƙarin yake 1.6, idan aka kuskure a ranar sai an sake haɗuwa yana 3.2. Idan kuma ƙarinsa mai sauri ne, mai ninkawa cikin wata biyu, santimita 1 zai zama 2 cikin wata shida, ya zama 4 cikin shekara. Mai zuwa duk wata shida zai iya cin ma sa, mai zuwa shekara-shekara ya makara.

Mai hankali zai ce to a riƙa yi duk wata uku mana. An gwada. A wani gwaji da aka yi a Faransa da Beljiyam kan masu sirosis sama da 1,200, wanda aka wallafa a 2011, an raba su biyu, wasu duk wata uku, wasu duk wata shida. Masu wata uku an fi gano musu ƙananan tabo da ba su kai santimita 1 ba, amma yawancin tabon ba kansa ba ne, kuma ba a samu ƙarin kansar da aka kama da wuri ba, ba a kuma samu ƙarin tsawon rai ba. Abin da ya ƙaru shi ne zirga-zirga da fargaba.

Hujja mafi ƙarfi cewa sa idon yana ceton rai daga Shanghai ta fito. An ɗauki mutum kusan 19,000 masu nau'in B ko daɗaɗɗen ciwon hanta, 'yan shekara 35 zuwa 59, aka gayyaci rabinsu hoto da gwajin AFP duk wata shida, aka bar rabin a kan al'ada. Rahoton 2004 ya nuna mace-macen kansar hanta sun ragu da kashi 37 cikin 100 a ɓangaren da ake dubawa, duk da cewa mutanen ba su halarci fiye da kimanin kashi 58 cikin 100 na ranakun da aka sa musu ba. Masana sun soki wasu ɓangarori na tsarin binciken, kuma sukar tana da tushe. Amma a ganina abin da ya ba shi nauyi shi ne mace-mace ya ƙirga. Da tsawon rai bayan gano cuta kawai aka auna, da an iya yaudarar kai, domin wanda aka gano masa kansa shekara biyu da wuri zai zama kamar ya ƙara shekara biyu ko da ranar ajalinsa ba ta motsa ba.

Dole kuma a faɗi raunin na'urar. Da aka tattara bincike da dama a 2018, an ga hoton ciki shi kaɗai bai cika kama rabin ƙananan kansar hanta ba, kimanin 45 cikin 100. Idan aka haɗa shi da AFP adadin yakan hau zuwa kusan 63. Hantar mai sirosis cike take da curi, don haka neman ƙari ɗaya a cikinta kamar tsintar tsakuwa ne a cikin wake. Ƙiba tana dusashe hoton, kitsen hanta ma haka, iskar hanji tana tare sauti, kuma can saman hanta da ke ɓoye ƙarƙashin huhu yana da wuyar leƙawa. Shi ya sa ake cewa a zo ba a ci abinci ba na wasu sa'o'i, ake sa mutum ya ja numfashi ya riƙe, ake juya shi kan gefen hagu. Hannun mai riƙe da na'urar shi ne rabin aikin. Sikanin na minti biyu da aka rubuta wa "hanta lafiya" a ɗakin hoton bakin titi ba shi ake nufi ba. Ya kamata wanda zai yi hoton ya san cewa ƙari yake nema a hantar mai nau'in B, ya bi ta sashe-sashe, ya rubuta faɗin duk abin da ya gani da inda yake, ya kuma faɗa idan bai ga hantar da kyau ba. Mara lafiya shi ma ya adana tsofaffin takardunsa, domin kwatanta na yau da na wata shida baya ya fi kowane hoto ɗaya amfani.

AFP wani furotin ne da hantar ɗan tayi ke yi, ya ɓace bayan haihuwa, wasu kansoshin hanta kuma su dawo da shi. Galibi ana sa iyakarsa a 20. Ba ya isa shi kaɗai, don ƙananan ƙari da yawa ba sa fitar da shi, kuma yakan hau idan ciwon hanta ya motsa ko mace tana da ciki. Abin da likita ya fi kula da shi shi ne hawa a jere, misali daga 6 zuwa 15 zuwa 40, ko da hoto bai nuna komai ba.

Mu koma kan magidancin nan, a ce a Janairu na biyu an ga ƙarin santimita 1.6. Ƙa'idar ita ce abin da bai kai santimita 1 ba a sake duba shi bayan wata uku zuwa huɗu, domin yawancinsu ba kansa ba ne. Wanda ya kai santimita 1 ko ya wuce sai a tura mutum hoton CT ko MRI da ake yi da allurar rini, ana ɗauka a matakai daban-daban bayan rinin ya shiga jini. Hanta tana samun kusan kashi uku cikin huɗu na jininta daga jijiyar da ke tasowa daga hanji, ragowar daga jijiya mai harbawa daga zuciya. Kansar hanta kuwa daga mai harbawar take sha. Saboda haka a daƙiƙun farko, lokacin da rinin ya iso ta wannan jijiya, ƙarin yakan haskaka fiye da naman da ke kewaye da shi, sannan bayan minti ɗaya zuwa uku, lokacin da sauran hanta ta cika da rini, shi ya riga ya wanke ya yi duhu. A hantar mai sirosis wannan alama ta isa a tabbatar da kansa ba tare da an tsinko nama ba. Idan alamar ba ta fito sarai ba, sai a sake wani hoton ko a tsinko naman a duba. CT ɗin da aka yi ba rini, ko aka ɗauka a mataki ɗaya, asarar kuɗi ce a wannan aikin.

Ƙarin santimita 1.6 a hantar da ke aiki da kyau yana da hanyoyi. Ana iya soka masa allura ta fata, da jagorancin hoton ciki, a ƙone shi da zafi. Inda babu wannan na'ura, allurar tsantsar barasa ta asibiti a cikin ƙarin tana aiki ga waɗanda ba su kai santimita 2 ba. Ana iya yanke ɓangaren hantar idan ragowar za ta iya ɗaukar nauyi. Akwai kuma dashen hanta, wanda tun 1996 aka sa masa ma'aunin Milan: ƙari ɗaya da bai wuce santimita 5 ba, ko har uku da kowanne bai wuce 3 ba. Da waɗannan hanyoyi, rabi zuwa kashi 70 cikin 100 na marasa lafiya suna kai shekara biyar. Kansar takan dawo a wani wurin hantar, domin ƙasar da ta tsiro da ita tana nan, don haka sa ido ba ya ƙarewa da aikin.

Daga nan ake gane wanda ya kamata ya shiga layin. Duk mai sirosis, ko mene ne sanadinsa, matuƙar hantarsa tana da sauran ƙarfi. Sai mai nau'in B ko da ba sirosis, idan haɗarinsa ya kai: wanda wani na jininsa ya yi kansar hanta, wanda ƙwayar cutar ta yi yawa a jininsa, da kuma 'yan Afirka, waɗanda jagororin likitoci suka ce a fara musu tun kafin shekara arba'in ɗin da ake sa wa mazan Asiya. Mutum da yawa ba su san suna da sirosis ba. Ƙwayoyin daskarar da jini da suka sauka ƙasa da 150 a takardar gwaji, inda aka rubuta PLT, ko saifa da ta kumbura a hoto, alamu ne da ke sa likita ya zurfafa bincike. Wanda ba shi da ciwon hanta kuwa ba ya bukatar wannan hoton, domin abin da za a gano masa kusan kullum curin jijiyoyin jini ne ko ƙullin ruwa marasa illa, sai a sa shi kashe kuɗi da rashin barci a banza.

Akwai kuskure guda da ke yawan faruwa. Mai shan tenofobir ko entekabir yakan ga gwaji ya nuna ƙwayar cutar ta kwanta, sai ya ɗauka ya tsira. Magungunan suna rage haɗarin kansa ƙwarai, amma ba sa goge shi, domin tabon da guntun umarnin da aka riga aka cusa suna nan. Haka wanda aka warkar daga nau'in C da ƙwayoyin mako 12: idan sirosis ya riga ya samu kafin maganin, hoton wata shida bai faɗi a kansa ba. Masu jiƙe-jiƙen shawara kuma su sani cewa gushewar ɗorawar ido ba ta cewa komai game da abin da ke tsiro a ciki, kuma wasu jiƙon hantar suke ƙara wa nauyi.

Akwai kuma inda lissafin ke rushewa. Mutumin da sirosis ɗinsa ya yi nisa, ciki ya cika da ruwa, yana aman jini ko hankalinsa yana gushewa, hantarsa ba za ta jure yanka ko ƙonawa ba. Dashe ne kaɗai zai fisshe shi, kuma a yankinmu dashen hanta sai mai halin zuwa Indiya ko Masar. Idan babu wannan hanya, gano masa ƙaramin ƙari ba ya canja komai, don haka jagororin suka ce a tsayar da hoton a mai da hankali kan ruwan cikin da zubar jinin. Wannan ma'auni ya shafi asibitoci ma. Kafin wata cibiya ta fara kiran masu nau'in B duk wata shida, sai ta san inda za ta tura wanda aka ga ƙarin santimita 1.6 a hantarsa, wa zai yi masa CT mai matakai cikin makonni kaɗan, wa zai riƙe allurar. Idan jiran CT da tara kuɗinsa suka ci wata takwas, ƙarin ya ninka jikinsa sau biyu, faɗinsa ya tashi daga 1.6 zuwa 2.5.